Yadda Masu Saye Ke Gano Shago Ta Akwatin Nema Na TikTok, Instagram Da Facebook: Tambayoyi Da Amsoshi Ga 'Yan Kasuwar Zangon Kumasi

Waɗannan tambayoyi na tattaro su ne daga bakin 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu na Aboabo, Asawase, Alabar da Kejetia, waɗanda sukan miƙo mini wayoyinsu domin in duba musu dalilin da ya sa suke sa hotunan kaya kullum amma baƙon mai saye ba ya zuwa. Misalin da zan riƙe tun daga farko har ƙarshe shi ne na wata Hajiya mai sayar da abaya da mayafi a Aboabo, domin matsalarta ita ce ta mafi yawanmu.

Da gaske ne mutane suna neman shago a cikin TikTok da Instagram, ba kallo kawai suke yi ba?

Da gaske ne. A watan Yuli na shekarar 2022, Prabhakar Raghavan, wanda a lokacin yake shugabantar sashen nema na kamfanin Google, ya faɗa a wani taro cewa binciken da suka yi ya nuna kusan kashi 40 cikin ɗari na matasa, idan suna neman wurin cin abincin rana, TikTok ko Instagram suke buɗewa, ba taswirar Google ba. Wannan adadi na matasan Amurka ne, kuma bai kamata a ɗora shi a kan Kumasi ba. Amma dalilin da ya haifar da halin yana nan a wurinmu, har ma ya fi ƙarfi: mai neman abaya tana so ta ga yadda yadin yake zuba a jiki da yadda duwatsun suke ƙyalli, kuma mafi yawan shagunan zango ba su da shafin intanet nasu na kansu da Google zai nuna. Abin da suke da shi shi ne bidiyo da hoto a waya. Saboda haka yarinyar da ke karatu a jami'ar KNUST, wadda ba ta san kowa a Aboabo ba, takan taɓa alamar nema, ta rubuta `abaya in Kumasi`, ta duba bidiyo biyar ko shida na farko, ta aika wa ɗaya daga cikinsu saƙo. Wadda ba ta fito a wannan jeri ba, ko da kayanta sun fi kyau da sauƙi, ba ta shiga cinikin ba tun farko.

Mene ne bambanci tsakanin wanda ya ci karo da bidiyona da wanda ya nemo ni?

Wanda ya ci karo da bidiyonka yana cikin zagayen kallo ne, manhaja ce ta kawo masa kai ba tare da ya tambaya ba, kuma yana iya kasancewa a Kano ko Yamai ko Jidda. Wanda ya rubuta sunan kaya da sunan gari a akwatin nema ya riga ya yi niyya, kuma sau da yawa kuɗinsa yana cikin wayarsa. Wannan ne ya sa Hajiyar Aboabo ta taɓa samun bidiyon da dubban mutane suka kalla saboda waƙar da ta ɗora masa, amma ba ta sayar da ko mayafi ɗaya ta dalilinsa ba. Akwai kuma bambancin daɗewa: zagayen kallo yakan ɗauki bidiyo na 'yan kwanaki sannan ya ajiye shi, amma bidiyon da ya dace da wata tambaya yana iya ci gaba da fitowa ga masu nema bayan watanni.

Me akwatin nema yake karantawa a shafina?

Rubutu yake karantawa kafin komai. A bayanin da Instagram ya fitar a shekarar 2021 game da yadda nemansa ke aiki, ya ce abu mafi nauyi shi ne kalmomin da mai nema ya rubuta, waɗanda ake gwadawa da sunan shafi, da taƙaitaccen bayanin mai shafi, da rubutun da ke ƙarƙashin hoto, da hashtag, da sunayen wurare. Bayan wannan sai a duba abin da mai neman ya saba bi da kallo, sannan a duba yawan mutanen da suka taɓa, suka so, ko suka tura abin da za a nuna. TikTok kuma, ban da rubutun ƙarƙashi, yana amfani da rubutun da aka sa a fuskar bidiyo da kuma maganar da aka yi a ciki idan cikin harshen da yake iya mayarwa rubutu ne.

Da na buɗe shafin Hajiya, sunan da ke kai shi ne sunan 'yarta da kalmar `Collections` a bayansa. A wurin bayani ta rubuta addu'a da alamun zuciya guda uku. A ƙarƙashin kowane bidiyo kuma abu ɗaya take rubutawa, wato `New arrival` da `Masha Allah`. Babu inda kalmar abaya ta fito, babu mayafi, babu Kumasi, babu Aboabo. Duk wanda ya kalli bidiyon da idonsa ya san abaya ce, amma babu wata kalma da na'ura za ta kama ta haɗa da tambayar mai saye. Kamar shago ne cike da kaya a cikin lungu wanda ba a kafa masa allo a bakin hanya ba.

To, me aka gyara mata, ɗaya bayan ɗaya?

Mun fara da sunan shafi. A Instagram suna iri biyu ne: akwai `Username`, wanda ke da alamar @, akwai kuma `Name`, wanda ke fitowa da baƙin rubutu a saman bayani. Ba mu taɓa na farkon ba, domin shi tsofaffin masu sayenta suka sani, kuma shi aka buga a jikin ledarta. Na biyun muka gyara, muka bar sunan 'yar a gaba muka ƙara abin da ake sayarwa da garin:

```
(sunan shago) | Abaya & Mayafi Kumasi
```

A yi hattara a nan, domin Instagram ba ya barin a canza wannan suna fiye da sau biyu cikin kwana 14, saboda haka a rubuta shi a takarda a duba kafin a sa. Daga nan sai wurin bayani, wanda haruffa 150 kawai yake ɗauka. Mun rage addu'ar zuwa kalma biyu, muka rubuta irin kayan, da unguwar, da cewa ana aikawa Accra da Tamale, sannan muka sa mahaɗin WhatsApp. Mahaɗin yana farawa da `wa.me/233`, sai lambar wayar ta biyo baya ba tare da sifilin farko ba. Mutane da yawa sukan bar sifilin, mahaɗin ya ƙi buɗewa, su yi watanni ba su sani ba.

Na uku shi ne rubutun ƙarƙashin bidiyo, kuma nan ne aikin yake kullum. Ƙa'idar da na ba ta ita ce layin farko ya amsa tambaya uku: wane kaya ne, wane iri ne, a ina yake. Ga irin abin da ta koma rubutawa:

```
Black open abaya with stones, size 54-58, Aboabo, Kumasi.
Baƙar abaya mai duwatsu, akwai mayafi.
#abaya #abayaghana #kumasi
```

Wannan layi na farko ta kuma sa shi a fuskar bidiyon a daƙiƙoƙin farko, ta faɗe shi da bakinta tana ɗaga rigar. A ƙarshe muka sa alamar wuri a kowane abin da ta ɗora, muka tabbatar shafin a buɗe yake ga kowa, domin hotunan rufaffen shafi ba sa fitowa ga wanda ba ya cikin mabiya. Duk wannan bai ci ko sidi ɗaya ba, ban da kuɗin data.

Ta yaya zan san kalmomin da masu saye ke rubutawa?

Hanya mafi aminci tana cikin wayarka tun tuni. Ka buɗe saƙonnin da masu saye suka aiko maka a wata uku da suka wuce, ka kwafe yadda suka kira kayan, da irin kuskuren rubutunsu. Hajiya tana kiran wata riga da sunan da dillalinta na Dubai ya ba ta, amma masu aiko mata saƙo `open abaya` suke cewa, wasu kuma `kimono abaya`. Sunan dillali ba shi da amfani a akwatin nema idan mai saye bai san shi ba.

Hanya ta biyu ita ce akwatin neman kansa. Ka rubuta kalmar farko kawai, kada ka danna komai, ka dubi jerin da manhaja ta kawo a ƙasa domin ƙarasa maka. Wannan jeri daga abin da mutane ke nema yake fitowa. Ka gwada da sunan gari, ka gwada da launi, ka gwada da lokaci kamar Sallah ko biki. A TikTok akwai kuma wani sashe mai suna `Creator Search Insights`, wanda aka fito da shi a 2024, da ke nuna batutuwan da ake yawan nema. Kalmomi goma da ka samo ta wannan hanya sun ishe ka aikin wata guda, kowane bidiyo ya ɗauki guda ɗaya ko biyu.

Da Hausa zan rubuta, ko da Turanci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mu a Ghana, kuma amsarta ba ta son zuciya ba ce. Mu a zango Hausa muke yi a baki, amma yawancin matasanmu Turanci suka koyi rubutawa a makaranta, kuma da shi yatsansu ya saba idan sun zo nema. Ƙari a kan haka, kayanmu da yawa sun shiga bakin sauran 'yan ƙasa da wani rubutu dabam. Shinkafa da wake namu ne, sunan ma daga wake ya fito, amma duk ƙasar `waakye` take rubutawa. Ƙosai ya zama `koose`, tuwo ya zama `tuo zaafi` ko `TZ`, koko kuma `Hausa koko` ake kiransa har a allunan Adum. Mai abincin da ta rubuta tuwo da miyar ayoyo kaɗai ta yi daidai a Hausa, amma ma'aikacin banki da ke neman abincin rana ba zai same ta ba. Saboda haka shawarata ita ce layin farko ya zo da rubutun da mafi yawan masu saye ke bugawa, layi na biyu ya zo da Hausa. Ba na ganin wannan a matsayin yar da harshe. Na fi son Hausar ta kasance a kowane rubutu, domin akwai mai neman mayafi ko turaren wuta ko kayan lefe da ba zai taɓa kiransu da wani suna ba, kuma a waɗannan kalmomi masu gasa da kai kaɗan ne.

Akwai kuma maganar haruffa masu lanƙwasa. Mafi yawan mutane ba su da ƙ, ɗ da ɓ a allon wayarsu, `kosai` da `dinki` suke bugawa, kuma na'ura tana ɗaukar ƙ da k a matsayin haruffa biyu dabam. A cikin jimla ka rubuta Hausarka daidai, amma kalmar da kake so a same ka da ita, musamman a hashtag, ka sa ta yadda ake bugawa. Game da magana a cikin bidiyo kuma, kada ka dogara da cewa manhaja za ta fahimci Hausar da ka yi ta mayar da ita rubutu kamar yadda take yi wa Turanci. Ka yi bayaninka da Hausa yadda ka ga dama, amma ka rubuta sunan kayan da garin a fuskar bidiyon.

Ina matsayin hashtag a cikin wannan duka? An ce mini in sa talatin.

Hashtag ya fara ne a Twitter a watan Agusta na 2007, lokacin da Chris Messina ya ba da shawarar a yi amfani da alamar # domin tara maganganu a kan batu ɗaya, kuma Instagram ya karɓe shi a 2011. Shekaru da yawa akwatin neman Instagram sunayen shafuka da hashtag da wurare kawai yake iya samowa, shi ya sa mutane suka saba cika guda talatin da aka yarda da su. Abin ya fara canzawa a ƙarshen 2020, da aka fara barin mutane su nemi hotuna da kalma tsagwaronta ba tare da alamar ba. A 2021 kamfanin da kansa ya ba masu shafuka shawarar su tsaya a guda uku zuwa biyar, a watan Disamba na 2024 ya cire damar bin hashtag, kuma shugabansa Adam Mosseri ya sha faɗa cewa hashtag ba ya ƙara yawan masu kallo wani abin a zo a gani. Wanda ya ce ka sa talatin yana ba ka shawarar da ta yi aiki ne a wani zamani da ya wuce.

Amfanin da ya rage masa shi ne na lakabi, wato yana taimaka wa manhaja ta san rukunin da abin ya faɗa. Guda uku sun isa: ɗaya na kaya, ɗaya na kaya haɗe da ƙasa ko gari, ɗaya na wurin. Irin su `#fyp`, `#viral` da `#trending` ba sa gaya wa kowa abin da kake sayarwa, kuma babu mai neman abaya da zai rubuta su. A lura kuma cewa hashtag yana yankewa a inda aka bar fili ko aka sa alamar rubutu. Wanda ya rubuta `#kayan sallah` kalmar farko kawai ya yi wa alama, haka nan wanda ya fara da ɗaurin 'y ya ɓata shi tun daga harafin farko.

Ni a sitatus na WhatsApp nake ciniki, kuma yana tafiya. Me ya sa zan damu?

Domin sitatus waɗanda kuka ajiye lambar juna kawai yake kaiwa, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Kasuwa ce mai kyau ta riƙe wanda ya riga ya san ka, amma baƙo ba ya iya nemo abin da ka sa a can. Haka labarin `Story` na Instagram yake wajen ɓacewa. Hajiya tana sa sababbin kayanta a sitatus kullum, shafinta na fili kuwa sai ta yi mako uku ba ta taɓa shi ba. Yanzu bidiyo ɗaya take ɗauka, ta sa shi a fili da rubutunsa domin baƙo, ta sa shi a sitatus domin na gida, cinikin kuma a WhatsApp ake ƙarasa shi kamar da.

Facebook fa, har yanzu yana da amfani?

Yana da shi, musamman ga manya da kuma kayan da ake saye saboda kusanci, kamar firji, katifa ko keken ɗinki. A `Marketplace` mai nema yana zaɓar gari da nisan da yake so, saboda haka taken kaya da wurin da ka sa su ne komai. Ka rubuta sunan kayan da ƙirarsa da halin da yake ciki, ka sa farashin gaskiya, domin wanda ya sa sidi 1 don jan hankali yakan fita daga jerin mai neman da ya iyakance farashi daga ƙasa zuwa sama.

Ta yaya zan gane ko gyaran ya yi aiki?

Kada ka gwada da wayarka, domin manhaja ta san shafinka ne kuma ta san abin da ka saba kallo, za ta iya nuna maka kanka a sama ka yi murnar banza. Ka ari wayar wani da ba ya bin ka, ka rubuta kalmomin nan goma ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta a littafi inda ka fito da inda ba ka fito ba, sannan ka maimaita bayan mako biyu ko uku. A TikTok, idan ka buɗe `Analytics` na bidiyo, za ka ga daga ina masu kallo suka zo, kuma `Search` yana cikin jerin. Idan wannan kaso yana ƙaruwa, rubutunka ya fara kamawa. Hanya ta uku ita ce ta kakanninmu, wato ka tambayi kowane sabon mai saye inda ya gan ka da abin da ya rubuta.

Idan masu nema suna ganin bidiyon amma ba sa aiko saƙo, matsalar ta bar wurin kalmomi ta koma wurin kaya, ko farashi, ko hoto mai duhu, ko mahaɗin da ba ya buɗewa. Idan kuwa ba ka fitowa ko kaɗan, mai yiwuwa kalmar da ka zaɓa ta yi faɗi da yawa. Kalmar abaya ita kaɗai tana haɗa ka gasa da manyan shagunan Dubai da Istanbul, amma idan ka ƙara mata launi da girma da Kumasi, masu gasar sun ragu zuwa 'yan kaɗan. Abin da Hajiya ta fara lura da shi ba yawan masu kallo ba ne, irin tambayar ce ta canza: maimakon a tambaye ta a wace ƙasa take, sai aka koma tambayarta ko akwai lamba 56 da kuma nawa mai babur zai karɓa zuwa Ayeduase.

Yaushe ya kamata in sa kayan Sallah?

Tun kafin azumi ya yi nisa. Abin da aka ɗora yana buƙatar lokaci kafin mutane su taɓa shi su tura shi har ya samu matsayi a jerin nema, kuma mata sukan fara dubawa da kwatanta farashi makonni kafin su biya. Wadda ta jira goman ƙarshe ta tarar waɗanda suka riga ta sun zauna a sama. Tun da tsohon bidiyo yana ci gaba da fitowa, a rubuta wata da shekara kusa da farashi, ko a gyara rubutun idan kaya sun ƙare, domin kada mai saye ta zo da farashin bara ta ɗauka an yi mata ƙari.

Ni mai saye ce. Yaya zan bambance shagon gaskiya da na ɗan damfara a cikin abin da nema ya kawo mini?

Fitowa a sama ba shaidar amana ba ce, domin ɗan damfara ma ya iya sa kalmomi, kuma yakan kwashe hotunan shagon gaskiya ya buɗe shafi da suna mai kama da nasa, da ƙarin ɗigo ko lamba ɗaya. A Instagram ki buɗe `About this account`, inda za ki ga lokacin da aka buɗe shafin da ko an sha canza masa suna. Ki nemi a kira ki ta bidiyo a nuna miki kayan a hannu, ki tambayi lambar shago ko wata alama a unguwar da za a iya zuwa a gani. Kafin ki sa lambar sirri ta MoMo, ki karanta sunan da ya fito a fuskar waya ki gwada shi da sunan da aka ba ki. Idan a cikin Kumasi kuke ku biyu, ki nemi a aiko da mai babur ki biya bayan kin ga kayan. Mai shago kuma ya riƙa rubuta sunan shagonsa a akwatin nema aƙalla sau ɗaya a wata, domin ta nan ne zai ga idan wani ya buɗe shafi da sunansa, ya kai ƙara ta `Report`, ya kuma sanar da masu sayensa lambar MoMo guda ɗaya tilo da yake karɓar kuɗi da ita.